Bulo a Lanƙwasasshiyar Hanya Mai Kaushi: Nawa Sifirin Zai Matsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin farko a jami'a, ina hutu a ƙauyenmu kusa da Ringim, kuma an ba mu wannan aiki a fizik. An saki bulon katako mai kilo 2 daga saman wata hanya mai siffar rubu'in da'ira, R = 2 m. Daga gindinta akwai shimfiɗaɗɗen wuri mai tsawon mita 1.5, sannan sifirin mai k = 400 N/m. Ko'ina akwai kaushi, μ = 0.2, kuma g = 10 m/s². Nawa sifirin zai matsu? Na ninka μmg da tsawon lanƙwasar na samu santimita 32. Ƙawata ta ninka shi da nisan kwance ta samu 35. Wa ya yi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Babu wadda ta dace a cikinku, amsar kusan santimita 26 ce. Amma kuskuren naku ba iri ɗaya ba ne, kuma na ƙawarki ya fi naki hujja, duk da ya fi nisa da amsar. Wurin da ku biyu kuka zame shi ne ƙarfin da hanya take tokare bulon da shi, wanda ake rubutawa N. A kan lanƙwasa wannan tokara ba ta tsayawa a lamba ɗaya, kuma ta fi abin da yawancin ɗalibai suke zato nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da abin da ka'idar aiki da makamashi ta ce. Idan kika tara aikin da duk ƙarfin da ke kan abu suka yi daga wani wuri zuwa wani, jimillar ita ce canjin makamashin motsinsa:

```
W = ½mv₂² − ½mv₁²
```

Daɗin wannan tambaya shi ne bulon yana tsaye cik lokacin da aka sake shi, kuma yana tsaye cik a daidai lokacin da sifirin ya kai ƙarshen matsuwa. Don haka hannun dama sifiri ne. Duk abin da jan ƙasa ya bai wa bulon, sai gogayya da sifirin sun karɓe shi kaf.

Ƙarfi huɗu ne a kan bulon. Uku daga ciki ba su da wahala. Jan ƙasa bai damu da siffar hanya ba, tsawon da aka sauko kawai yake ƙirgawa, wato mgR = 2 × 10 × 2 = jul 40. Tokarar hanya ba ta yin aiki ko kaɗan, domin kullum a gicciye take da tafiyar bulon, ko ina hanyar ta karkata. Sifirin kuwa yana karɓar ½kx² idan ya matsu da x. Saura gogayya, kuma a nan rigimar take. Girmanta μN ne, aikinta kuma shi ne tarin μN sau ɗan tsawon da aka yi tafiya, taki bayan taki, tun daga sama har ƙasa. Kin ga ke nan N, wadda ba ta taɓuka aikin komai da kanta, ita ce take yanke wa gogayya yawan abin da za ta ci. Mutane da yawa da zarar sun ji an ce aikin N sifiri ne sai su shafe ta daga zane, alhali a nan ake fara ɓata lissafi.

Ke abin da kika yi shi ne kin ɗauki N = mg = niyuton 20 a ko'ina, kika samu gogayya niyuton 4, kika ninka da tsawon lanƙwasar mita 3.14, ya ba ki jul 12.6. To N = mg ba ta zama gaskiya sai a shimfiɗaɗɗen wuri. Dubi can saman hanyar, inda take tsaye kamar bango. Bulon da aka saki yanzu ba ya danna bangon ko kaɗan, faɗowa yake yi a gefensa. A nan N sifiri ce, gogayya ma sifiri ce, ke kuma kin ba ta niyuton 4.

Ƙawarki ta lura da wannan, shi ya sa na ce tana da hujja. A kan gangara miƙaƙƙiya, wani kaso ne kawai na nauyin ke danna hanya. Idan aka ninka wannan kason da ɗan tsawon gangarar, abin da ke fitowa shi ne mg sau nisan da aka ci a kwance. Sai duk lissafin ya dunƙule ya koma μmg sau nisan kwance, a nan 4 × 2 = jul 8. Dabara ce mai kyau kuma tana cikin littattafai. Sharaɗinta ne ake mantawa: ko dai hanyar miƙaƙƙiya ce, ko kuma ana jan abin a hankali ƙwarai, yadda gudunsa bai taka kara ya karya ba. Bulonku kuwa sakinsa aka yi, kuma ya kusa kai mita 5 a daƙiƙa a tsakiyar lanƙwasa.

Kin san abin da mutum ke ji idan yana bayan babur aka gangara cikin kwari da gudu, a daidai gindin kwarin sai ya ji kamar an danna shi a kan kujera. Haka mai lilo take jin igiya ta ƙara ɗaurewa a hannunta idan ta zo tsakiya. Nauyin mutum bai ƙaru ba. Abin da ya faru shi ne jikin yana son ya miƙe inda ya dosa, hanya kuma tana tilasta masa ya karkata, kuma karkatar da abu mai gudu sai da ƙarin ƙarfi. Girman wannan ƙari shi ne mv²/R. Idan muka ce θ ita ce kusurwar da bulon ya zagayo daga sama, sifiri a sama, digiri 90 a gindi, to:

```
N = mg sin θ + mv²/R
```

Ƙawarki ta riƙe kason farko ta zubar da na biyu. Don ki ga girman abin da ta zubar, ɗauka cewa hanyar sumul take ba kaushi. Bayan ya sauko tsawon R sin θ, v² zai zama 2gR sin θ, sai kaso na biyu ya zama 2mg sin θ. Wato ya ninka na farko sau biyu. Jimilla N = 3mg sin θ, kuma a gindi hanya tana ɗauke da ninki uku na nauyin bulon. Abin da aka yi watsi da shi ya fi wanda aka riƙe girma.

Yanzu ga inda abin ya zama kamar maciji ya ciji wutsiyarsa. Don ki san aikin gogayya sai kin san N, don ki san N sai kin san v, shi kuma v ya dogara da abin da gogayya ta riga ta ci a baya. Shi ya sa ba za a iya rubuta ka'idar sau ɗaya daga sama zuwa gindi a wuce ba. Ka'idar tana nan daram, sai dai a yi amfani da ita a kan ɗan guntun hanya, sannan a harhaɗa.

A kan guntu mai tsawon R dθ, jan ƙasa yana ba da mg cos θ · R dθ, gogayya tana karɓar μN · R dθ, abin da ya rage shi ne ƙarin makamashin motsi. Idan muka kira v² da sunan u, muka raba ko'ina da m/2, sai mu samu:

```
du/dθ + 2μu = 2gR(cos θ − μ sin θ)
```

Lura da cewa m ta ɓace. Gudun da bulon zai iso gindi da shi bai dogara da nauyinsa ba. Wannan lissafi ne na kalkulas da ake warwarewa ta ninka ko'ina da e^(2μθ), kuma da sharaɗin u = 0 a θ = 0 amsarsa ita ce:

```
v² = [2gR/(1 + 4μ²)] × [3μ cos θ + (1 − 2μ²) sin θ − 3μ e^(−2μθ)]
```

Kafin ki amince da dogon lissafi irin wannan, gwada shi a wurin da kin riga kin san amsa. Sa μ = 0, zai ba ki v² = 2gR sin θ, wato na hanya mai sulɓi. Sa θ = 0, zai ba ki 3μ − 3μ = 0. Duka biyu sun zauna. Abu ɗaya da ke kayar da ɗalibai a nan: θ ɗin da ke saman e dole ta kasance a radiyan. Idan kika danna 90 a kalkuleta maimakon 1.571, wannan kason zai koma kusan sifiri, ki samu v² kusan 31.7, ki zaci komai lafiya tunda lambar ba ta yi kama da shirme ba.

A gindi cos θ = 0, sin θ = 1, kuma 2μθ = 0.2π = 0.628. Sai mu bi a hankali. 1 + 4μ² = 1.16, don haka 40/1.16 = 34.48. Sannan 1 − 2μ² = 0.92. Shi kuma e^(−0.628) = 0.5335, sau 0.6 ya ba da 0.320. Cikin baka ke nan 0.92 − 0.32 = 0.60, kuma v² = 34.48 × 0.60 = 20.7. Gudun bulon a gindi mita 4.55 ne a daƙiƙa, da ba kaushi da ya iso da 6.32. Makamashin motsinsa ½ × 2 × 20.7 = jul 20.7. Kada wannan ya ruɗe ki: saboda m = 2 da R = 2 ne kawai v² da ½mv² da mv²/R suka fito da lamba ɗaya a wannan tambaya, a wata ba za su yi haka ba.

Daga jul 40 an iso da 20.7, lanƙwasar kaɗai ta cinye jul 19.3, kusan rabi. Ke kin ba ta 12.6, ƙawarki ta ba ta 8.

Yana da kyau ki ga inda aka yi wannan asara, domin ba a raba ta daidai ba. A digiri 30 bulon ya sauko mita 1, wato jul 20, yana riƙe da 17.0, gogayya ta ci 3 kacal, N kuma ta kai niyuton 27. A digiri 60 jan ƙasa ya ba da jul 34.6, bulon yana da 24.2, an yi asarar 10.4, N ta haura zuwa 41.5. A sulusin ƙarshe abin ya juya: jan ƙasa jul 5.4 kawai ya rage masa ya bayar, tunda hanyar ta kusa kwantawa, gogayya kuma ta ci 8.9. Ma'ana bulon yana rage gudu alhali bai gama sauka ba. Ƙololuwar gudunsa tana wajen digiri 65, mita 4.93 a daƙiƙa, a inda mg cos θ ta yi kunnen doki da μN. Idan aka tambaye ki inda bulon ya fi gudu kika ce a gindi, kin amsa tambayar hanya mai sulɓi ne.

Wani abin lura shi ne dab da gindi N tana niyuton 40.7, amma da bulon ya hau shimfiɗaɗɗen wuri sai ta faɗo 20 nan take, tunda karkata ta ƙare. Gogayya ta sauka daga niyuton 8 da 'yan kai zuwa 4, katako ɗaya, kaushi ɗaya.

Idan ba ku kai ga irin wannan kalkulas ba tukuna, kalkuleta da takarda sun isa. Yanka lanƙwasar gida tara, kowane digiri 10, tsawon kowane 2 × 0.1745 = mita 0.349. A gidan farko bulon ya sauko 2 sin 10° = mita 0.347, jan ƙasa ya ba da jul 6.95. N a farkon gidan sifiri ce. A ƙarshensa, idan muka fara ƙiyasi da 6.95 ɗin, N = 20 × 0.174 + 6.95 = 10.4. Tsaka-tsakinsu 5.2, gogayya ta ci 0.2 × 5.2 × 0.349 = jul 0.36, saura 6.58. Dogon lissafin can yana ba da 6.59 a digiri 10, kin ga ba su rabu ba. Ki ɗauki 6.58 ki shiga gida na biyu da ita, ki sake lissafa N, haka har tara. Abin kiyayewa shi ne ki riƙa ɗaukar tsaka-tsakin N na farko da na ƙarshen gida. Idan kika yi amfani da N ta farkon gida kawai, za ki riƙa rage wa gogayya haƙƙinta a duk inda N ke hawa, ki iso gindi da makamashin da ya wuce na gaskiya.

Shimfiɗaɗɗen wurin babu wata magana: 4 × 1.5 = jul 6. Bulon ya taɓa sifirin da jul 14.7, gudunsa mita 3.83 a daƙiƙa.

A wurin sifirin akwai wani ƙaramin tarko, kuma amsoshinku sun nuna kun tsallake shi, amma bari in faɗa saboda masu karatu. Yayin da sifirin yake matsuwa bulon bai daina gogar ƙasa ba. Yana ƙara tafiyar x a kan kaushi, gogayya tana ƙara cin 4x. Saboda haka:

```
200x² + 4x − 14.7 = 0
x = (−4 + √(16 + 800 × 14.7)) / 400
```

Abin da ke ƙarƙashin alamar tushe ya kusa 11770, tushensa 108.5, sai x = 104.5/400 = mita 0.261. Santimita 26 ke nan. Ɗaya amsar mai alamar ragi a yar da ita, tana nufin sifirin ya miƙe ne, kuma bulon da ba a ɗaure da shi ba ba zai iya jawo shi ba. Wanda ya manta da 4x zai samu santimita 27.1. Bambancin santimita ɗaya ne a nan domin sifirin yana da tauri. Da mai laushi ne, a ce k = 40 N/m, da mantuwar ta kai ki 86 maimakon 76.

Kullum ki rufe lissafi irin wannan da ƙidayar kuɗi, kamar mai shago da daddare. An shigo da jul 40. Lanƙwasa ta ci 19.3, shimfiɗa ta ci 6, ƙarƙashin sifirin ya ci 1.05, sifirin ya ajiye 200 × 0.2612² = 13.65. Ki tara, 40 ne. Jul 26 da ɗoriya da gogayya ta ci sun koma zafi a jikin katakon da hanyar. Ba wani zafin a zo a gani ba ne, tunda jul 4.2 ake buƙata kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya, wato duk asarar da kyar za ta ɗumama ƙaramin cokalin ruwa da digiri ɗaya da ɗan wani abu.

Sau da yawa tambayar tana da wutsiya: shin bulon zai dawo, kuma ina zai tsaya? A ƙarshen matsuwa sifirin yana turi da kx = niyuton 104, gogayyar da za ta iya riƙe bulon a tsaye kuwa ba ta wuce 'yan niyuton ba, don haka dole ya dawo. Wannan gwajin ƙarfi ne, ka'idar aiki da makamashi ba za ta gaya miki shi ba, sai kin kwatanta kx da iyakar gogayyar tsaye da kanki. A komawa gogayya ta juya fuska, amma cin nata bai juya ba. Ba ta taɓa mayar da abin da ta karɓa, saɓanin jan ƙasa da sifirin da suke ajiya su biya. Daga 13.65 a cire 1.05, a cire 6, bulon ya iso gindin lanƙwasa da jul 6.6. Da hanyar sumul ce da ya hau santimita 33. Idan aka sake irin lissafin can, a wannan karo jan ƙasa da gogayya duka suna karɓa, sai a ga ya tsaya a wajen digiri 22 daga gindi, tsawon santimita 15 kacal.

A wannan wuri gangarar ta kai 0.41 idan aka auna da tan, ta ninka μ sau biyu, don haka zai sake zamowa sai fa idan gogayyar tsaye ta wuce 0.41. To a nan ne dabarar ƙawarki take da amfani na gaske. Tunda kason mv²/R ƙari yake yi a kan irin wannan lanƙwasa mai kama da cikin ƙwarya, μmg sau nisan kwance shi ne mafi ƙarancin abin da gogayya za ta iya ci. Bulon yana da jul 2.99 na tsawo. Nisan kwance daga inda yake zuwa gindi mita 0.76 ne, mafi ƙarancin kuɗin hanya ke nan jul 3.03. Abin hannunsa bai kai ba. Ba tare da wani kalkulas ba mun san zai tsaya a kan lanƙwasar kafin gindi, a ɓangaren da gangarar ta yi ƙasa da digiri 11, kuma ba zai sake ganin sifirin ba. A kan tudu mai kama da bayan ƙwarya kuwa abin juyawa yake: a can N = kason nauyi a cire mv²/R, dabarar tana zarce gaskiya, kuma idan gudu ya yi yawa N ta kai sifiri sai bulon ya bar hanyar ya tashi.

Game da jarrabawa, ki karanta kalmomin tambaya da kyau, domin masu tsara ta sun san wannan wahalar kuma yawanci suna kauce mata. Wani lokaci su ce lanƙwasar sumul ce, kaushin yana shimfiɗaɗɗen wuri kawai, to jul 40 ne cif a gindi. Wani lokaci su ba ki gudun bulon a gindi ko matsuwar sifirin, su ce ki nemo aikin gogayya a lanƙwasa. A nan ne ka'idar ta fi nuna ƙarfinta, tunda ragi kawai za ki yi, babu ruwanki da N ko siffar hanyar. Misali da an ce miki sifirin ya matsu santimita 26.1, sai ki ce 40 − 6 − 1.05 − 13.65 = 19.3, an gama. Amma idan an ba ki μ a kan lanƙwasa aka ce an saki bulon, kamar taku, to dogon lissafin ake nufi. Idan kika tarar takardar amsa ta ce 35, mai ita ya yi amfani da dabarar nisan kwance a inda ba ta shiga. Shawarata ki rubuta N = mg sin θ + mv²/R a fili a farkon aikinki, ki nuna wa malaminku cikin ladabi, lissafin zai yi magana da kansa.

Kuna iya raba gardamar a tsakar gida ma, ba sai da sifirin ba. Ku lanƙwasa sumul ɗin falle na ƙarfe, irin wanda maƙera ke yin akwati da shi, ya zama rubu'in da'ira mai R na santimita 50, sauran fallen ya kwanta a ƙasa, a tokare bayan lanƙwasar da bulon gini da ƙasa don kada ta motsa. Kwanon rufi mai tudu da kwari ba zai yi ba. Ku fara auna μ: ku ɗora guntun katako a kan miƙaƙƙen fallen, ku riƙa ɗaga gefe ɗaya kuna ɗan ƙwanƙwasawa, har katakon ya riƙa zamewa a hankali ba tare da ƙara gudu ba. Tsawon ɗagawar a raba da nisan kwance shi ne μ. Ɗagawar santimita 20 a kan nisan mita 1 tana nufin 0.2. Kada ku ɗauki kusurwar da ya fara motsi da kansa daga tsaye, wannan ta gogayyar tsaye ce kuma yawanci ta fi girma. Sannan ku saki katakon daga sama ku auna inda ya tsaya a shimfiɗe. Idan μ = 0.2, dabarar nisan kwance ta ce mita 2 daga gindi, lissafinki ya ce kusan 1.7, cikakken lissafin kuma ya ce kusan 1.3. Tazarar ta isa a gani da tef ɗin tela. Idan μ ɗinku ta fito daban, ku sa ta a dogon lissafin, ku raba v² da 2μg, shi ne nisan da za ku sa rai.

Abubuwan da ke ɓata gwajin sanannu ne. Katakon ya zama gajere kuma mai faɗi, tsawonsa kada ya wuce santimita 4 ko 5, domin lissafin ya ɗauki bulon kamar ɗigo, kuma dogon katako a cikin lanƙwasa bakinsa biyu kawai ke taɓa hanya, yana kartar ta. Wanda ya yi tsayi kuwa tuntsurawa yake daga sama, kuma da zarar ya fara mirgina an shiga wani babi. Idan akwai gaɓa ko karo a inda lanƙwasa ta haɗu da shimfiɗa, za ku ji ƙara, kuma nisan zai riƙa gajarta ba bisa tsari ba. Ƙurar hunturu tana canza μ tsakanin gwaji da gwaji, don haka a goge fallen da busasshen tsumma kowane karo, a yi sau biyar a ɗauki tsaka-tsaki. Ku gwada kuma da katako biyu iri ɗaya, ɗaya an ɗaura masa ƙarfe a baya: ya kamata su tsaya kusan wuri ɗaya, tunda m ta fita daga lissafin.

Idan kuna son haɗawa da sifirin, ku auna k ɗinsa tukuna. Ku tsayar da shi, ku ɗora masa galan mai lita 4 na ruwa, wato kusan niyuton 40. Idan ya matsu santimita 10, k = 400 N/m. Ku ƙara galan na biyu ku gani ko matsuwar ta ninka. Idan ba ta ninka ba, ½kx² ba ta aiki a wannan zango. Na shokazobar babur ya yi tauri ƙwarai, ɗan katako ba zai matsa shi yadda za a iya aunawa ba. Kuma ku duba tsawonsa: sifirin da zai matsu santimita 26 dole ya fi haka tsawo sosai, in ba haka ba zobbansa za su haɗe kafin bulon ya tsaya, sauran makamashin ya tafi a karo. Don kama iyakar matsuwa, wadda ido ba ya iya bi, ku ajiye ɗan kwalin ashana mara komai a gefen farantin da ke bakin sifirin, yadda farantin zai tura shi ya bar shi a inda ya kai, sai ku auna daga nan.